Wasiƙar da Za Ta Buɗe wa Iyali Ƙofar Silima

Tsofaffin gidajen silima na Kano, irin su Plaza da Eldorado, ba su da rufi a kan yawancin kujeru, don haka sai duhu ya yi ake haska fim. Wannan na cikin abin da ya sa silima ta zama wurin samari da dare, magidanci ba ya tunanin kai iyalinsa. Gidajen yanzu rufaffu ne, ana iya kallo da rana tsaka. Abin da ya rage shi ne iyaye su nema, kuma wasiƙa ta fi ƙorafin baki tasiri.

A ce uwa ce za ta rubuta. Bayan sallama da gaisuwa, "Ranka ya daɗe, Alhaji," sai ta faɗi rana da lokaci kai tsaye. Nan ake yawan kuskure, domin hankali yakan tafi Asabar da Lahadi, alhali yara suna Islamiyya a ranakun. Alhamis da Juma'a ne hutun mafi yawan makarantun Islamiyya da na allo. Fim mai tsawon minti 90 da aka fara da ƙarfe 4:30 na yammacin Juma'a, bayan La'asar, zai ƙare da ƙarfe 6:00, a fito kafin Magariba a mafi yawan watannin shekara.

Sai maganar fim ɗin. Cewa "mai tarbiyya" bai isa ba, don kowa da ma'auninsa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana ba kowane fim alama: G na kowa da kowa ne, PG kuwa sai da kulawar iyaye. Ta nemi ɗaya daga cikin biyun. Ta kuma roƙi a duba tallan fina-finai masu zuwa da ake sakawa kafin a fara, domin fim na yara ne, amma tallan na iya zama na manya, cike da harbe-harbe. Ƙarar sauti ma a rage, ƙananan yara na firgita.

A ganina, sashe mafi nauyi shi ne na lissafi. Mai silima ɗan kasuwa ne: zai tada janareto, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya biya ma'aikata, sannan ya raba kuɗin tikiti da masu fim. Ko mutum 5 ne a zaure, man da zai ƙone ɗaya ne. Idan uwar ta rubuta cewa gidaje 15 na unguwarsu sun amince, kowanne da mutum 4, ta miƙa masa kujeru 60 a lokacin da zauren kan zauna fayau. A kan haka ne za ta iya neman rangwamen tikitin yara, ta kuma ba shi shawarar a gwada na wata ɗaya tukuna.

Iyaye, kada wasiƙar ta tafi da sa hannun mutum ɗaya. A zaga maƙwabta da ƙungiyar iyayen yara da malamai a tara sunaye, kuma ranar da aka ware, a cika alƙawari a je.