Hutun da ba ka ci ba: bashi ne a kan mai aiki, ko ya bi ruwa?

Tun daga farkon shekarar 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ƙungiyoyin agaji da dama a Maiduguri suka fara rage ma'aikata. Direbobin da suka saba da hanyar Monguno da Dikwa da Bama, masu gadi, masu shara, masu kula da sito, da yawansu sun karɓi takardar sallama. A ranar da mutum ya je karɓar haƙƙinsa na ƙarshe, akan miƙa masa takarda mai layi uku ko huɗu, ya sa hannu, ya tafi. Layin da ba kowa ke tsayawa ya duba ba shi ne na kwanakin hutun shekara da mutum ya tara bai ci ba. Wannan layin kuɗi ne, kuma akan iya lissafa shi daidai har zuwa naira ɗaya, in dai mutum ya san inda zai duba.

Wurin farko shi ne Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 18. Dokar ta ce duk ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Wanda bai kai shekara 16 ba, har da ɗan koyo, nasa kwana 12 ne. Kwana shida kaɗan ne ƙwarai, musamman in aka tuna cewa yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, mako uku ta ajiye a matsayin mafi ƙaranci. To amma dokarmu ƙasa kawai ta shata, ba ta hana a ba da fiye da haka ba. Shi ya sa za ka ga takardar ɗaukar aiki ta wani ta ce kwana 20, ta wani 24. Abin da aka rubuta a takardar nan, in ya fi na doka, shi ne haƙƙinka, kuma shi kotu za ta duba.

Akwai wani abu da ya kamata a sani tun da wuri. Sashe na 91 na dokar ya taƙaita ma'anar ma'aikaci ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ya cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru. Ke nan direba da mai gadi da mai shara suna ƙarƙashin inuwarta, amma manajan shiri ko likita ko akanta, abin da ke tsakaninsu da mai aiki shi ne takardar kwantiragi da kundin ƙa'idojin ma'aikata. Ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu ƙa'idojin aikin gwamnati daban.

Yanzu mu ɗauki mai gadi a wani shago da ke kan hanyar Baga, wanda ba a rubuta masa komai game da hutu ba. Albashinsa naira 78,000 a wata, ya yi wata tara aka sallame shi. Mutane da yawa za su ce tunda bai cika shekara ba, ba shi da komai. Ba haka dokar ta ce ba. Wanda ya bar aiki bayan ya yi aƙalla wata shida, ana biyan sa kason albashin mako guda gwargwadon watannin da ya yi cikin 12. Albashinsa na shekara naira 936,000 ne, in aka raba gida 52, mako ɗaya ya kama naira 18,000. Wata tara kuwa kashi uku ne cikin huɗu na shekara, saboda haka yana bin naira 13,500. Da a wata na biyar aka sallame shi, da dokar ba ta ba shi ko sisi ba. Wannan iyaka ta wata shida tana da muhimmanci a gari irin Maiduguri, inda ake yawan ɗaukar mutane kwantiragin wata uku ko huɗu, a ba su tazara, sannan a sabunta. Tazarar nan ita ce mai aiki zai iya kafa hujja da ita ya ce aikin ya yanke, lissafi ya koma farko.

Sai batun tsallakar da kwanaki zuwa wata shekarar, wanda a nan ne mafi yawan asara take aukuwa. Dokar ta yarda a jinkirta hutu idan mai aiki da ma'aikaci suka amince, amma ba za a bari lokacin ya wuce wata 24 ba. Ta kuma haramta wa mai aiki ya ba ma'aikacin da ke bakin aiki kuɗi a madadin hutun nan na doka. Hikimar a fili take. Da an buɗe ƙofar sayar da hutu, da mai ƙaramin albashi ba zai taɓa hutawa ba, kullum buƙata za ta sa ya zaɓi kuɗi, direba ya yi ta tuƙi da gajiya har ya jefa kansa da wasu cikin haɗari. Hutu ba ya zama kuɗi sai ranar rabuwa.

Bari mu bi misalin direba a wata ƙungiyar agaji daki-daki. A ce an ɗauke shi ranar 1 ga Janairun 2024, gundarin albashinsa naira 130,000, takardarsa ta ba shi kwana 24 a shekara, wato duk wata yana tara kwana biyu. Kundin ma'aikata kuma ya ce kwana goma kawai ake tsallakewa da su zuwa sabuwar shekara, sauran sun faɗi. Ya ci kwana takwas lokacin Babbar Salla, ya cike fom ɗin hutun sauran a watan Satumba. Ranar 10 ga Satumban 2024 ruwan madatsar Alau ya mamaye Gwange da Kasuwar Litinin da sauran unguwanni, aiki ya ninka, shugabansa ya kira shi ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, yanzu ba lokacin hutu ba ne, in ƙura ta lafa sai ka tafi." Shi kuma ya ce, "Ba komai, yallaɓai, Allah ya kai mu." Da baki aka yi maganar, ba a rubuta ba. Disamba ta ƙare yana da kwana 16, aka tsallakar masa da goma, shida suka ɓace daga lissafi ba tare da ya sani ba.

Ranar 31 ga Maris 2025 kwantiraginsa ya ƙare. Wata uku na sabuwar shekara sun tara masa kwana shida, a haɗa da goman da ya shigo da su, kwana 16 ke nan. Saura a san kuɗin kwana ɗaya. Ga mai aikin kwana biyar a mako, shekara tana da ranakun aiki 260. Albashinsa na shekara naira 1,560,000 ne, in aka raba 260 sai a samu naira 6,000. Kwana 16 sun ba shi naira 96,000. Kwana shidan da suka faɗi a Disamba kuwa naira 36,000 ne, kuma ba don sakacinsa suka faɗi ba. Da ya ajiye kwafin fom ɗin da ya cike a Satumba, da saƙo ko da na waya ne da ke nuna ofis ne ya ɗage hutun, da yana da hujja mai ƙarfi ta neman a mayar masa da su. Ba tare da wannan ba, maganarsa ce da ta shugabansa, kuma takarda ce ke cin nasara.

A lura da wani abu a wannan misali. Da dokar kaɗai direban ya dogara da ita, da bai samu komai ba, domin ya riga ya ci kwana takwas, fiye da shidan doka, kuma wata ukun da ya ƙara ba su kai wata shida ba. Duk naira 96,000 ɗin nan daga takardar ɗaukar aikinsa suka fito. Wannan ne ya sa takardar ta fi komai daraja, kuma sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa, har da na hutu, cikin wata uku da fara aiki.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a takardar biyan ƙarshe, kuma dukansu ana iya gane su da ido. Na farko shi ne abin da aka raba albashi da shi. In mai lissafi ya raba naira 130,000 gida 30, kwana ɗaya zai koma kimanin naira 4,333, kwana 16 su zama kimanin naira 69,300. Direban ya yi asarar sama da naira 26,000 ke nan daga lamba ɗaya tak. In da ranakun aiki aka ƙirga hutun, to da ranakun aiki ya dace a raba albashin, sai dai in kundin ma'aikata ya fayyace wata hanya tun farko. Na biyu shi ne cakuɗa alawus ɗin hutu da kuɗin kwanakin da ba a ci ba. Alawus ɗin hutu ƙari ne da wasu ma'aikatu ke bayarwa sau ɗaya a shekara, karɓarsa ba ta goge kwanakin da mutum ya tara. A ɗaya ɓangaren kuma, kada ma'aikaci ya sa ran abin da ba nasa ba. Sashe na 19 ya ce da gundarin albashi ake lissafin kuɗin hutu, ban da kuɗin aikin bayan lokaci da sauran alawus. Wanda yake ɗaukar naira 200,000 a wata amma 130,000 ne gundarin, da 130,000 za a yi masa lissafi, sai in takardarsa ta ce akasin haka.

Masu gadi da masu shara da yawa a garin nan ba ƙungiyar da suke tsaron ƙofarta ce ta ɗauke su ba, kamfanin kwangila ne. Sunan da ke kan takardar ɗaukar aiki da takardar albashi, shi ne za a fara nema wajen biyan haƙƙin. In an yi magana da ofis ba a daidaita ba, ana kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, inda jami'ai kan kira ɓangarorin biyu a sasanta. In abin ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar, bisa gyaran tsarin mulki na 2010.

Ga masu ɗaukar aiki, kira ɗaya ne: in kun hana mutum hutu saboda aiki ya matsa, ku rubuta masa, kada dokar faɗuwar kwanaki ta cinye abin da ku kuka ɗage. Kai kuma ma'aikaci, kafin Oktoba ta wuce ka tambayi ofishin kula da ma'aikata kwana nawa ka tara, a ba ka amsa a rubuce, ka adana kwafin kowane fom. Ranar sallama kuma kada ka sa hannu a kan takardar da ta ce ba ka bin komai sai ka ga abu uku a rubuce: yawan kwanakin, kuɗin kwana ɗaya, da lambar da aka raba albashinka da ita.