Gwajin gudun je-ka-ka-dawo a makaranta: Me lambar da ɗanka ya samu take nufi?

Wasu makarantun birni, musamman masu zaman kansu a Abuja da Legas, kan saka sakamakon gwajin ƙarfin jiki a takardar da yaro yake kawowa gida a ƙarshen zango. Uba ya duba ya ga an rubuta mataki na 5 a gaban sunan ɗansa, ɗan maƙwabci kuma ya samu 9, sai hankalinsa ya tashi. Kafin a yanke wa yaron hukuncin ragwanci, ya kamata a san yadda ake samo wannan lamba, domin sau da yawa kuskuren yana wajen awon fili ko wajen karanta sakamakon.

Gwajin da aka fi amfani da shi shi ne gudun je-ka-ka-dawo na mita 20, wanda ake samun sautinsa a waya da sunan beep test. Wani masani ɗan ƙasar Kanada, Luc Léger na Jami'ar Montreal, shi da abokan aikinsa ne suka fito da shi a 1982, suka gyara shi a 1988. Ana ja layi biyu, tsakaninsu mita 20. Yara su jeru a layi ɗaya, da sun ji ƙara su ruga zuwa ɗayan, kuma dole ƙafarsu ta taɓa layin kafin ƙara ta gaba. A minti na farko gudun sassarfa ne kawai, kilomita 8.5 a awa, wato yaro yana da sakan takwas da rabi ya ci mita 20. Kowane minti guda mataki ɗaya ne, kuma duk mataki ana ƙara saurin da rabin kilomita a awa. Idan aka kai mataki na 8, sakan shida kacal ke tsakanin ƙara da ƙara. Wanda ya kasa isa layi sau biyu a jere ya fita, a rubuta masa mataki na ƙarshe da ya kammala.

Abin da ake aunawa shi ne juriya, wato yadda zuciya da huhu da jini ke iya kai iskar numfashi ga tsoka yayin da aiki ke ƙara tsananta. Wannan ya sa malami ya fara tambayar kansa abin da yake son sani kafin ya zaɓi gwaji. Akwai wani gudun je-ka-ka-dawo na mita 10 sau huɗu, wanda ake gamawa cikin 'yan sakanni. Suna ne ya zo ɗaya, amma shi zafin nama da iya juyi yake aunawa, bai san komai game da juriya ba. Akwai kuma gudun minti 12 da likita Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka a 1968, inda ake auna nisan da mutum ya ci. Gwaji ne mai kyau, sai dai yana son babban fili da aka auna kewayensa, kuma yana son wanda ya iya tattalin ƙarfinsa. Yaro ɗan shekara 11 zai fita da gudu kamar an biyo shi, bayan minti uku ya koma tafiya. A gudun mita 20 sautin ne ke riƙe wa yaro linzami, kuma harabar makarantar da aka gina a fuloti biyu ma tana iya ɗaukarsa. Don haka ni a ganina shi ya fi dacewa da makarantunmu na cikin gari.

Babban abin da ke ɓata gwajin nan shi ne awon fili da taku. Malami ya yi taku ashirin, ya ajiye dutse, ya ce mita 20 ke nan. A ce filin ya tsaya mita 19, ragin mita ɗaya ba ya kama ido, amma kashi 5 cikin 100 ne na nisan. A mataki na 4, inda ake gudun kilomita 10 a awa, kashi 5 cikin 100 rabin kilomita ne a awa, wato mataki guda cif aka ba kowane yaro kyauta. Idan filin mita 18 ne, kyautar ta kai mataki biyu. Zango mai zuwa wani malami ya auna da tef, sakamakon ajin ya faɗi, a ce yara sun lalace. Tef ɗin magina ya wadatar, kuma a shafa fenti a layin don kada a sake awo kowane lokaci.

Sautin ma yana da nasa. Akwai nau'in da ke farawa da kilomita 8 a awa, akwai mai farawa da 8.5, saboda haka makaranta ta riƙe guda ɗaya ta zauna a kansa. A haɗa wayar da lasifika mai ƙarfi, a kashe layin kira, don kira ɗaya a tsakiyar mataki na 6 ya rushe aikin rukuni gaba ɗaya. A raba yara biyu-biyu, ɗaya na gudu ɗaya na rubuta masa, a ba kowane mai gudu faɗin mita ɗaya. Kuma a bari su gwada matakai biyu ko uku mako guda kafin ranar, domin wanda bai taɓa yi ba yakan isa layi tun kafin lokaci, ya tsaya jira, ya ƙone ƙarfinsa a banza.

Wannan gwaji ne da ake kai jiki ƙarshen iyawarsa, don haka ba kowane yaro ake sakawa ba. Mai ciwon sikila ba ya shiga sai da izinin likitansa. Haka wanda ake zargi da ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa suma a wajen wasa. Wanda ke da zazzaɓi, ko ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro a makon nan, a ɗaga masa. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, kuma ranar da hazo ya turnuke a hunturu a fasa. A yi da sassafe kafin rana ta yi zafi, ruwan sha yana kusa, a kauce wa ranakun azumi. Wanda ya fita ya ci gaba da tafiya a hankali na 'yan mintuna, kada ya zube ƙasa nan take. Iyaye suna da haƙƙin a sanar da su ranar gwaji tun da wuri, su ma su faɗa wa makaranta gaskiyar lafiyar ɗansu.

Yanzu mu ɗauki misali, a ce aji ɗaya ne na babbar sakandare, 'yan shekara 15, maza tara mata tara. Mazan sun samu 3, 4, 4, 5, 5, 5, 6, 11 da 11. Idan aka tara aka raba tara, amsar 6 ce. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya haɗa binciken da aka yi a kan dubban yara, ya nuna cewa a shekara 15 namijin da bai kai mataki na 6 ba, da macen da ba ta kai na 3 ba, sun fi shiga haɗarin abubuwan da ke jawo ciwon zuciya nan gaba, irin su hawan jini da yawan kitse a jini. To malamin da ya dubi 6 ɗin nan zai ce ajinsa ya tsallake. Amma a sake duban lambobin. 'Yan ƙwallo biyu masu 11 ne suka ja lissafin sama. Idan aka jera yaran daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, 5 ya samu, kuma shida daga cikin tara suna ƙasa da layi. Lambar yaron tsakiya da adadin waɗanda ke ƙasa da layi, su ne ke faɗin halin da aji yake ciki.

Matan kuma sun samu 2, 2, 3, 3, 4, 4, 4, 5 da 6. Lambobinsu sun fi na maza ƙanƙanta, amma biyu ne kaɗai ba su kai 3 ba. Ashe a wannan aji mazan ne abin damuwa. Yarinyar da ta samu 5 ta wuce layinta da mataki biyu, yaron da ya samu 5 bai kai nasa ba, alhali idan aka haɗa su a jeri ɗaya za a ce kunnen doki suka yi. Bambancin daga balaga yake, domin namiji yana ƙara tsoka da ƙarfin jini a wannan shekaru fiye da mace. Shekaru ma haka. A ajinmu ɗaya ana iya samun ɗan 13 da ɗan 17, kuma ba a auna su da mudu ɗaya.

Shi kansa layin 6 da 3 a riƙe shi da sassauci, don akasarin yaran da aka samo shi daga gare su na Turai da Amurka ne. Alama ce ta a sa ido, ba sakamakon asibiti ba ne. Kuma gwajin yana auna niyya tare da juriya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ya ga yadda 'yan mata uku kan fita a lokaci guda saboda ƙawarsu ta fita, ko yadda doguwar riga da silifas ke hana juyi a kan layi. Idan malami ya ga sunaye da yawa sun taru a lamba ɗaya, kuma masu lambar abokan juna ne da ba su ko yi haki ba, to hira ya auna. Dogon wando mai sakewa, hijabi gajere da takalmin gudu, da ware wa mata rukuninsu ba tare da maza na kallo ba, suna iya canja sakamako ba tare da an yi atisayen kwana ɗaya ba. Yaro mai jiki kuma yana ɗauke da nauyinsa a kowane juyi, shi ya sa kafe sakamako a allo da karanta na ƙarshe a gaban aji ba ya haifar da komai sai ƙin darasin.

Ga iyaye, kwatancen da ya fi amfani shi ne yaro da kansa. Idan ya samu 5 a zangon farko ya samu 6 a na uku, ana iya murna, amma bambancin mataki ɗaya yana iya zuwa daga barci mai kyau, ko sanyin safiya, ko sabo da gwajin. Hawan mataki biyu, a fili ɗaya da sauti ɗaya da lokaci ɗaya, shi ne abin dogaro. Faɗuwar mataki biyu kuwa tana son tambaya: ya yi jinya ne, ya ƙara ƙiba, ko ya daina zuwa makaranta a ƙafa?

Akwai sakamakon da ba a jira zango na gaba a kansa. Yaron da ya yi iya ƙoƙarinsa amma numfashi ya gagare shi tun a mataki na 1 ko na 2, ko ya yi kukan ciwon ƙirji, ko jiri ya ɗebe shi, ko aka ji ƙirjinsa na shesheka, a kai shi asibiti a makon. A gaya wa likita matakin da ya tsaya da abin da ya ji a lokacin, domin ƙarancin jini da asma suna cikin abubuwan da za a fara dubawa.