Na'urar da ke feɗe aikatau na Swahili

Bahaushe zai ce "na gan ka", kalma uku. Mai jin Swahili a Zanzibar ko Mombasa kalma ɗaya zai faɗa, nilikuona. A cikinta ni- shi ne mai aikin, -li- shuɗaɗɗen lokaci, -ku- wanda aka gani, -on- saiwar aikatau, sai wasalin ƙarshe -a. Wanda ya buɗe ƙamus yana neman nilikuona ba zai same ta ba, kuma ba laifin ƙamus ba ne. Wakilan suna shida, lokuta huɗu da karɓau shida kaɗai sun ba da siga 144 daga saiwa ɗaya, tun ba a taɓo korewa ba.

Saboda haka masana ba sa jera kalmomin a kwamfuta, hanyar gina su suke koya mata. Kimmo Koskenniemi ya fito da wani tsari na yin haka a Jami'ar Helsinki a 1983 don harshen ƙasar Finland, daga baya Arvi Hurskainen ya ɗora Swahili a kansa da manhajar SWATWOL. A yau akwai kayan aiki na kyauta irin su foma da HFST.

Na'urar kamar titi ce mai tashoshi ƙidayayyu. Ana farawa daga tashar mai aiki, a wuce ta lokaci, ta karɓau, ta saiwa, a sauka a wasalin ƙarshe. Idan haruffan kalma suka kai ta ƙarshen titin, an karɓe ta, an kuma san gaɓoɓinta. Titin na biyuwa gaba da baya: a ba na'urar kalma ta feɗe ta, ko a ba ta gaɓoɓi ta haɗa kalma. Ga farkon rubutun a tsarin lexc:

```
LEXICON Root
ni Lokaci ;
tu Lokaci ;
LEXICON Lokaci
li Karbau ;
na Karbau ;
```

Kowane layi na faɗin ɗafin da za a karanta da tashar da za a nufa bayansa.

Sai dokokin sauti. Ɗafa-ƙeyar da ke nufin yi wa wani abu tana sauyawa: pika, dafa, ta zama pikia, amma soma, karanta, ta zama somea, domin wasalin saiwar o ne. Akan rubuta ɗafin sau ɗaya da babban I, a bar doka ta zaɓa, inda C ke wakiltar baƙaƙe:

```
define Wasali [I -> e || [e|o] C* _ ] .o. [I -> i] ;
```

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda aikin ke cizo shi ne korewa. "Ina karantawa" ninasoma ne, "ba na karantawa" kuwa sisomi: si- ta shigo a goshi, -na- ta ɓace, wasalin ƙarshe ya koma -i. To na'urar nan ba ta tuna inda ta fito, tashar da take tsaye kawai ta sani. Kafin ta isa ƙarshen kalma ta manta ko da ni- ta fara ko da si-, sai ta karɓi sisoma da ninasomi, waɗanda ba sigogin wannan aikatau ba ne.

Magani biyu ne. Ana iya shimfiɗa titi na biyu don korewa, a kwafe dukkan saiwoyi a kai, amma na'urar za ta kumbura, gyara kuma ya zama sau biyu. Na fi son na biyun, wato dasa tuta. A kan hanyar korewar lokacin yanzu a sa @P.NEG.PRES@, wasalin -i ya buƙace ta da @R.NEG.PRES@, wasalin -a ya ƙi ta da @D.NEG.PRES@. Dole tutar ta ambaci lokaci, domin "ban karanta ba" sikusoma ne, da -a ɗinsa. Wanda ya ɗaura tutar a kan si- kawai zai kore wannan kalma sahihiya. Haka aikatau da aka aro daga Larabci, irin su jibu, amsa, ba sa sauya wasali: sijibu ake cewa, don haka suna buƙatar rukuninsu daban.

Ta yaya za a gane ɓaraka? Gwaji iri biyu ake yi, kuma ɗaya bai isa ba. A zuba wa na'urar rubutun jarida a tattara kalmomin da ta kasa feɗewa, nan za a ga abin da ya yi ƙaranci. Amma sisoma ba za ta fito a jarida ba, don haka wannan gwaji ba zai taɓa tona ta ba. Sai an sa na'urar ta zubo kalmomi da kanta da umarnin `print random-lower`, a miƙa wa ɗan asalin harshen ya soke na bogi.

Akwai iyakar da ba gyaran da zai kawar. Karɓau -wa- na iya nufin "su" ko "ku", don haka niliwaona na da fassara biyu. Na'urar da aka gina daidai za ta kawo duka biyun, zaɓi kuwa sai an duba sauran jimlar, wannan kuma aikin wata manhaja ce.