Yadda Ake Bayyana Hanyar Zaɓen Nazarce-nazarce a Bita Mai Tsari

Bita mai tsari ita ce tattaro duk binciken da aka yi kan tambaya guda, a tace, a fitar da hukunci. Ƙarfinta yana ga abu biyu da dole a rubuta su a fili: yadda aka nemo nazarce-nazarcen, da sharuɗɗan da aka bi wajen ɗaukar wasu da barin wasu.

Misali shi ne bitar da ƙungiyar Cochrane ta sabunta a 2018 kan gidan sauro mai magani. Marubutan sun ambaci rumbunan bayanan da suka duba, irin su MEDLINE, Embase da LILACS, da ranar da suka tsayar da nema a watan Afrilun 2018. Ranar tana nuna wa mai karatu cewa duk abin da ya fito bayanta ba ya ciki. Sun kuma leƙa rajistar gwaje-gwaje ta Hukumar Lafiya ta Duniya, domin binciken da bai samu sakamako mai daɗi ba sau da yawa ba a buga shi. Dogaro da mujallu kaɗai yakan sa magani ya yi kamar ya fi ƙarfinsa.

Su ma kalmomin nema ana kawo su daidai yadda aka shigar da su. Ga samfuri:

```
malaria AND (bednet* OR curtain*)
```

OR yana faɗaɗa nema, AND yana taƙaita shi, alamar tauraro kuma tana kamo kalma da jam'inta. Wanda ya sake shigar da wannan layi zai iya gane ko an tsallake wani abu.

Sharuɗɗan ɗauka kuwa suna fayyace mutanen da aka gwada, abin da aka ba su, abin da aka kwatanta shi da shi, da sakamakon da aka auna. A bitar gidan sauro, an karɓi gwaje-gwajen da aka raba mutane ko ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, aka kwatanta gidan sauro ko labule mai magani da marar magani, ko da rashinsa baki ɗaya. Gwaji 23 ne suka cika sharuɗɗan.

Ana rubuta sharuɗɗan ne tun kafin a ga sakamako, a ajiye su a rajista irin PROSPERO, don kada mai bita ya zaɓi abin da ya dace da ra'ayinsa. Mutum biyu ke tacewa, kowa shi kaɗai, sannan su sasanta inda suka saɓa. Ƙa'idar PRISMA ta buƙaci a zana jadawali mai nuna adadin da aka samo, wanda aka cire don maimaici, wanda aka karanta gaba ɗaya, da dalilin ƙin waɗanda aka ƙi.

Idan alƙaluman jadawalin ba su haɗu ba, ko aka ce an cire nazari ba tare da dalili ba, bai kamata a gina shawarar lafiya kan wannan bitar ba.