Hoton ƙarfe ba ya magana shi kaɗai

A kullum dilolin kayan gyara na Kano suna karɓar hotuna ta waya daga masu shagunan ƙauyuka da ƙananan garuruwa, kuma da yawansu kalma biyu ce kawai a ƙarƙashinsu: "Akwai wannan?" Hoton ya yi duhu, an ɗauka a tafin hannu, ba a san girman abin ba, ba a san injin da ya fito ba. Dila ya yi kirdado ya ba direban tasha, kaya su iso, su ƙi hawa. Kuɗin mota ya tafi, ranar kwastoma ta tafi, wani lokacin har da amana.

A ce wani mai shago ne aka kawo masa wani baƙin abu mai siffar jinjirin wata, an ciro shi daga janareta, ya tsage, wayoyi na reto a jikinsa. Bai taɓa sayar da irinsa ba. Ga saƙon da ya kamata ya rubuta:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Don Allah dubi waɗannan hotuna huɗu. Daga janareta mai fetur aka ciro shi, an rubuta 168F a jikin injin. Yana cikin murfin baya ne, inda wuta ke fitowa, an ɗaure shi da kusoshi biyu. Wayoyinsa shida: huɗu a cikin farin soket guda, biyu kuma daban. Akwai ɗan gwangwani a jikinsa da ya kumbura, an rubuta 250V 220uF. Mai shi ya ce injin yana tashi lafiya, amma ba ya ba da wuta. Mene ne sunansa, kuma nawa kuke bayarwa? Allah ya ƙara buɗi."

Kafin dila ya gama karantawa ya san AVR ne, na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar janareta don kada ta yi sama ko ta yi ƙasa. Amma sunan shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da saƙon ya samo, domin AVR iri-iri ne, kuma a hoto duk kamarsu ɗaya.

Lambar 168F ta nuna masa injin ƙarami ne, irin wanda ke kan janareta mai kilowat biyu zuwa uku. Da 188F aka rubuta, to maganar mai kilowat biyar ake yi, kuma nasa ya fi girma, gwangwaninsa galibi 470uF ne. Ƙirgen wayoyi ma yana da aikinsa: shida na janareta mai layi ɗaya ne, na mai layi uku yakan zo da takwas. Shi ya sa nake ganin hoton rubutun jikin kaya ya fi hoton kayan kansa daraja. A goge maiƙo da tsumma, a fita hasken rana, a matso da waya har sai lambobi sun karantu.

Sauran hotunan kuwa, ɗaya na gaba, ɗaya na baya tare da bakin soket, ɗaya kuma an shimfiɗa tef ɗin awo daga tsakiyar ramin ƙusa zuwa tsakiyar ɗayan. Idan tazarar ramukan ta saɓa, ko da komai ya yi daidai ba zai ɗauru ba.

Jimlar da masu shago suka fi mantawa ita ce ta abin da injin ya yi kafin a kwance shi, alhali ita ke hana a sayi kaya sau biyu. Janareta da ke tashi ba wuta ba lallai AVR ne kaɗai matsalarsa ba. Waɗancan wayoyi biyu da ke daban suna zuwa ne ga burushin kabon, wasu 'yan gawayi biyu da ke gogar zoben da ke juyawa. In sun cinye, wuta ba za ta zo ba ko da an sa sabon AVR. In kuma koyil ne ya ƙone saboda lodi ya yi yawa, sabon ma zai iya bin tsohon. Dila mai gaskiya, da ya ga wannan jimla, zai ce: "Malam, sa bakanike ya duba burushi ya shinshina koyil tukuna." Yakan haɗa da burushi a cikin kayan, tunda kuɗinsa kaɗan ne, ya kuma tuna masa cewa wayar da ke da alamar + tana da gurbinta, ba a juya ta.

Kafin a tura kuɗi, mai shago ya nemi dila ya turo hoton wanda zai aiko, soket a fili, lambobi a fili, ya gwada da tsohon. Tsohon kuma kada a jefar har sai sabo ya hau, an tayar da injin, an ga wuta ta tsaya daidai.