Sirrin Ɗan Wasan da Ake Ganewa Tun Bai Buɗe Baki Ba

Duk wanda ya kalli Samanja Mazan Fama a talabijin ta Kaduna ya san cewa tun kafin Usman Baba Pategi ya yi magana an fara murmushi. Kakin soja, tsawa irin ta bariki, da Hausar da yake cakuɗawa da Turanci, su ne suke sanar da mai kallo inda ya shigo. Marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, ya kai abin wani matsayi: sunan Ibro kaɗai a jikin kaset ya isa ya sayar da fim, ko Ibro Awilo ne ko Ibro Aloko. Matasan da ke ɗora gajerun bidiyo a TikTok da YouTube yau wannan suke nema, sai dai da yawansu suna farawa ta inda bai dace ba. Sukan sayi hula mai ban dariya, su ƙirƙiro wata kalma, su ɗauka an gama.

A ganina hali ne tushe. Dole ɗan wasan ya kasance yana da abu guda da yake so ko yake gudu, wanda ba ya sauyawa ko da wa ya haɗu. Hula da kalma suna taimaka wa ido da kunne, amma halin ne yake haifar da labari na gaba.

Mu ɗauki misali. A ce kana son yin jerin bidiyo na minti ɗaya a kan wani mai shayi da bai taɓa mayar da canji ba. A fitowa ta farko, wani ya sha shayi da burodi na naira 700, ya miƙa dubu. Mai shayin ya laluba aljihu, ya girgiza gwangwanin madara da yake tara kuɗi a ciki, ya ce, "Canji ya tafi kasuwa," sannan ya ƙara masa sukari guda. Nan ka kafa abu uku: halin, gwangwanin, da maganar. A fitowa ta biyu kada ka taɓa ko ɗaya; mai sayen kawai za ka sauya. Ɗan sanda ne ya zauna a benci. A ta uku surukinsa ne, ga kunya ga son kuɗi, mai kallo yana jiran ya ga wanne zai rinjaya. A ta huɗu wani ya zo da 700 cif yana murna, sai mai shayin ya ce ai tun safe burodi ya tashi.

Dariyar tana zuwa ne domin mai kallo ya san inda za a ƙare, bai dai san ta wace hanya za a bi ba. Shi ya sa juyin waina, wato ranar da mai shayin zai je kanti a ce masa canji ya tafi kasuwa, bai kamata ya zo da wuri ba. Sai jama'a sun haddace ƙa'idar karya ta take yin daɗi.

Sauran aikin kula ne. A ɗauka a wuri guda, kyamara a kusurwa guda, gwangwanin ya bayyana cikin daƙiƙa biyu ko uku na farko, domin mai latsa waya ba ya jira. Hular kuwa a sayi biyu iri ɗaya, a ajiye ɗaya. A kuma rubuta abubuwan da mai shayin ba zai taɓa yi ba: ba ya zagi, ba ya sata a ɓoye, kullum gani yake shi ke da gaskiya. Ranar da ya zagi wani, ya daina zama abin dariya ya koma azzalumi.

Ta yaya za ka san abin ya kama? Idan yaran unguwa suka fara ce wa juna canji ya tafi kasuwa a wurin da ba ka nan, ya kama. Idan kuwa YouTube Studio ya nuna maka mutane suna ficewa daidai inda maganar take zuwa, sun ƙoshi. Maganinsa a rage faɗarta: mai shayin ya girgiza gwangwani, ya buɗe baki, mai saye ya ƙarasa masa.

Abu guda nake roƙon masu wannan sana'a. Kada ku gina ɗan wasanku a kan nakasar wani, ko karin harshen wata ƙabila, ko kwaikwayon maƙwabcin da kowa zai gane. Abin da za ku maimaita sau hamsin ne, kuma yara za su bi da shi titi suna kiran mutane. Ku zaɓi halin da kowa zai iya gani a kansa, kamar rowa ko cika baki ko tsoron surukai.