Sakin Layin da ke Gabatar da Mai Bincike a Takardar Neman Tallafi

A takardar neman tallafin kuɗin bincike akwai wani gajeren sashe da mai nema yake bayyana kansa a ciki. Aikin sashen shi ne ya gamsar da masu tantancewa cewa wannan mutum zai iya gudanar da binciken da ya tsara, cikin lokacin da ya ɗiba da kuɗin da ya nema. Ya bambanta da takardar tarihin karatu da aiki, wadda ke jero makarantu da muƙamai daki-daki. A nan zaɓe ake yi: abin da ya shafi aikin da ke gaba kawai ake ɗaukowa.

Kowace hukuma da nata tsarin. A Najeriya, malaman jami'o'i da kwalejoji na gwamnati sukan nemi tallafi daga TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa, kuma takan buƙaci bayanin jagoran bincike da na abokan aikinsa. A baya, hukumar NIH ta Amurka ta daɗe tana neman mai bincike ya rubuta dalilin da ya sa ya dace da aikin, ya kafa hujja da wallafe-wallafensa da ba su wuce huɗu ba. Wannan iyaka tana da hikima, domin tana tilasta wa mutum ya ware abin da ke da nauyi.

Hanya mafi inganci ita ce a rubuta sashen a ƙarshe, bayan an kammala jadawalin aiki. Sai a bi jadawalin, a fitar da manyan ayyukan da ke ciki, a ajiye shaida ɗaya a gefen kowanne. A ɗauki misalin wata malamar aikin gona da ke son gwada irin dawa mai jure wa ƙuduji, ciyawar nan da wasu ke kira wuta-wuta, a gonakin manoma 60 cikin damina biyu. Aikinta ya kasu uku: shawo kan manoma su ba da fili, kula da gwajin daga shuka zuwa girbi, da nazarin alƙaluman amfanin da aka samu.

Idan ta rubuta cewa ita gogaggiyar masaniya ce mai shekaru 15 tana koyarwa, wadda ta halarci taruka da dama a gida da waje, ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun ba. Mai tantancewa, wanda sau da yawa tarin takardu ne a gabansa, zai wuce bai riƙe komai ba. Ya fi kyau ta ce a binciken digirinta na uku ta kula da gwajin dawa a gonaki 24 har damina biyu, manoma 21 suka kai ƙarshe tare da ita, kuma sakamakon ya fito a mujalla kaza a shekara kaza. Wannan jimla ta nuna ta san wahalar fage, ta san manomi kan janye idan ruwa ya yi jinkiri, kuma tana kai aiki ga bugawa. Ta kuma nuna cewa daga 24 zuwa 60 tsalle ne mai yiwuwa. Da gonaki 600 ta nema, da shaidar ba ta ɗauki nauyin ba.

Saura aiki na uku. Idan nazarin alƙaluma ba fanninta ba ne, kuskure ne ta yi shiru a kai, domin masu tantancewa ƙwararru ne, giɓin ba zai ɓuya musu ba. Sai ta ambaci abokin aikin da zai ɗauki wannan ɓangare, da irin nazarin da ya taɓa yi, ta tabbatar sunansa ya fito a kasafin kuɗi da wasiƙar amincewarsa. Sunan babban farfesa da aka liƙa don ado, ba tare da an ba shi wani takamaiman aiki ba, yakan jawo zargi maimakon ya ƙara daraja.

Akwai kuma batun lokaci, wanda masu nema da yawa kan manta. Malamar da ke ɗauke da kwasa-kwasai huɗu da shugabancin sashe dole ta faɗi yadda za ta samu sararin zuwa gona daga Yuni zuwa Nuwamba, ko an rage mata koyarwa, ko tana da ɗalibai da malaman gona da za su riƙa zagayawa. Haka nan idan haihuwa ko jinya ta sa wallafe-wallafenta suka tsaya na wasu shekaru, jimla ɗaya ta isa ta bayyana hakan, kuma hukumomi da dama suna la'akari da irin wannan hutu.

Kafin miƙawa, a gwada sashen ta hanyar ɗora shi a kan wata takardar neman tallafi ta daban. Idan ya zauna daram ba a sauya komai ba, to bai yi magana kan wannan binciken ba, sai a sake shi. Sannan a bi kowace shekara da kowane adadi a ga sun yi daidai da takardar tarihin aiki da shafin ORCID na mai nema, domin saɓani ko da ƙarami ne yana sa a yi shakkar sauran bayanan.